Saƙon Bankwana Daga Turanci Zuwa Hausa: Yadda Ake Juya Shi Bai Huce Ba

Tun daga 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, kowace shekara ana turo matasan da suka gama jami'a daga kudancin Nijeriya zuwa garuruwan Arewa, kamar yadda ake tura namu can. Da yawansu makarantu ake kai su koyarwa. Su shekara cikinmu, su saba da yara, su saba da mai kanti da mai ƙosai, sannan ranar tafiya ta zo. Wasu kan sulale ba sallama, amma masu hankali daga cikinsu sukan rubuta 'yar takardar bankwana da Turanci, a karanta a wajen walima ko a filin makaranta. Da yake a wurin akwai iyaye da mai unguwa da maigadi, waɗanda ba Turanci suke ji ba, sai a waiwayi wani malami a ce, "Malam, taimaka ka juya mana da Hausa."

A nan ake yin ɓarna ba da niyya ba. Malamin ya iya Turanci, Hausa kuwa a nono ya sha ta, amma da ya ɗauki biro sai ya bi takardar layi-layi, kowace kalma ya nemo mata kishiya. Abin da ke fitowa yakan zama magana mai sanyi ƙalau, wani lokaci ma mai ban tsoro. Bari mu ɗauki takarda guda irin wadda wata malama 'yar bautar ƙasa za ta rubuta, mu bi ta daki-daki. Ga yadda take fitowa idan aka bi Turancin sawu da ƙafa:

"Masoya kowa da kowa, da zuciya mai nauyi nake rubuta wannan. Ba zan iya yarda ba cewa shekara ɗaya ta tafi. Lokacin da na iso nan ban san kowa ba, amma kun sa na ji a gida. Na gode don kowane abu. Ga ɗalibaina: kun tuƙa ni zuwa hauka wasu lokuta, amma ba zan canza ku da duniya ba. Zan rasa ku duka. Amma ba zan rasa sanyin hunturu ba! Don Allah ku zauna cikin taɓawa. Ku ɗauki kula. Da soyayya."

Duk wanda ya yi boko zai hango Turancin da ke kwance a ƙarƙashin kowace jimla, zai kuma gane cewa asalin takardar mai daɗi ce. Yarinya ce mai fara'a, tana godiya, tana tsokanar ɗalibanta, tana ɓoye hawaye da raha. Amma dattijon da ke zaune a kan benci ba shi da wannan Turancin a kansa. Shi abin da kunnensa ya ji shi ne: wata mace ta kira shi masoyi a bainar jama'a, ta ce ba ta yarda da wani abu ba, ta ce 'ya'yansa sun haukata ta, sannan ta ce za ta rasa su duka, wanda a Hausa ba ya nufin komai sai mutuwa. Ba kalma ɗaya da aka ƙara, ba ɗaya da aka rage, amma saƙon bai iso ba.

Abin da nake son mai fassara ya riƙe shi ne, takardar bankwana aiki take yi. Tana gaisuwa, tana godiya, tana nuna zafin rabuwa, tana neman kada a manta da juna, tana yin fatan alheri. Kowane harshe yana da hanyar da ya saba yin waɗannan ayyuka. Saboda haka tambayar da za a riƙa yi a kan kowace jimla ita ce: me wannan jimla take yi a nan, kuma da wannan malama Bahaushiya ce, mai irin shekarunta da irin halinta, da me za ta ce a gaban waɗannan mutane?

Kafin a taɓa kalma ko ɗaya, sai an san wa ake yi wa magana. Turancin yau yana da wakilin suna guda tak na wanda ake fuskanta, ko namiji ne ko mace, ko mutum ɗaya ko dubu, ko sarki ko yaro. Hausa ba ta yarda da wannan ba. Dole ka zaɓa: ka, ki, ko ku. Kuma "ku" ɗin ma iri biyu ne, akwai na jam'i, akwai na girmamawa da ake yi wa babba ko da shi kaɗai ne. Wanda aka miƙo wa saƙo a waya aka ce ya fassara, bai tambayi ko wa za a aika wa ba, caca yake yi. Saƙon da aka rubuta wa shugaba a wurin aiki idan ya fito da "ka" tsirara daga bakin ƙaramin ma'aikaci, yana iya zama rashin kunya. Wanda aka rubuta wa aminiya idan ya fito da "ku", sai ta ce yau kuma me na yi mata take nesa-nesa da ni.

A takardarmu taro ake fuskanta, don haka "ku" ne. Sai dai buɗewar tana da nata aiki. Kalmar nan da Turawa ke fara wasiƙa da ita, wadda muke ji ana cewa "diya", ta daɗe da sanyi a bakinsu. Har manajan banki da ba su taɓa gani ba suna rubuta masa ita. Idan aka mai da ita "masoya" ko "ƙaunatattu" an ɗora mata nauyin da ba ta ɗauke da shi. Aikinta kawai ta buɗe ƙofa cikin ladabi. Bahaushe kuwa idan zai buɗe magana a taro, jera mutane yake yi bisa girmansu: shugaban makaranta, iyaye, abokan aiki, sannan yara. Malamar ta haɗa su duka a kalma biyu saboda haka ake yi a harshenta, kuma babu wanda zai ji an raina shi. A Hausa idan aka dunƙule mai unguwa da 'yan aji ɗaya aka ce "kowa da kowa", an yi kuskuren da ita ba ta yi ba. Jera su da mai fassara zai yi biyan haƙƙin ladabin da ke cikin takardar ne.

Sai jimlar farko. Zuciya mai nauyi a Turanci baƙin cikin rabuwa ne. A Hausa ba a san zuciya da nauyi ta wannan fuska ba. Muna da taurin zuciya, muna da saurin zuciya, kuma duk ba yabo ba ne. Inda Bahaushe ke jin irin wannan hali a jiki ne: "jikina ya yi sanyi", "jikina a sanyaye yake". Haka ita ma "ba zan iya yarda ba". Malamar ba musu take yi ba, mamakin saurin lokaci take yi, mu kuwa muna da abinmu a shirye: "kamar jiya na zo, ga shi har shekara ta zagayo." Da jin wannan sai ka ga tsofaffi sun gyaɗa kai, don magana ce da su ma suke faɗa.

"Kun sa na ji a gida" tana da sauƙi idan aka tuna yadda muke yabon mai karɓar baƙo. An karɓe ni hannu bibbiyu, an mai da ni 'yar gida, har na manta ni baƙuwa ce. Ita kuwa godiya, a nan ne harsunan biyu suka fi nisa da juna. Bature yana iya cewa ya gode da komai a taƙaice, a ji ta cika. Bahaushe idan ya ce "na gode da komai" ya yi shiru, sai a ji kamar sauri yake yi ya tashi. Godiyarmu ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya, sai an tokare ta da addu'a ko da nuna gazawa: "ba ni da bakin da zan gode muku, Allah ya saka da alheri." Fassarar za ta fi asalin tsawo, kuma hakan daidai ne. Wanda ya matsa wa kansa lallai sai layin Hausa ya yi daidai da na Turanci, ɗumin maganar zai fara yankewa.

Yanzu mu zo kan kalmar da ta fi kowace cin mutane. Turanci yana da aikatau guda, wanda matasanmu suka ara suna cewa "na yi misin ɗinka", kuma yana ɗauke da ma'anoni da dama: kuskure abin da aka hara, rashin samun mota ko jirgi, da kuma jin zafin rashin ganin wani. Ƙamus zai jero maka su duka, mai gaggawa kuwa sai ya cafki ta farko, ya rubuta "zan rasa ku". To, a Hausa wanda aka rasa ya tafi ke nan. "Mun rasa shi" sanarwar mutuwa ce, "mun yi rashi" kuma gaisuwar makoki ce. Kalmar da ake nema ita ce kewa: "zan yi kewarku." Akwai maƙwabtanta da ya kamata a yi hattara da su. Bege ya fi kewa zafi, ya fi zama a bakin masoya da kuma masu begen Annabi, don haka bai dace da malama da 'yan ajinta ba. Marmari kuma ya fi karkata ga abin da rai ke sha'awa, kamar abinci ko ganin gida. Amma kewa tana shiga ko'ina: uwa da ɗa, abokan aiki, maƙwabta, har gari ma ana kewarsa.

Dubi abin da wannan kuskure ya yi wa rahar malamar. Ta ce za ta yi kewar kowa, sannan ta juyo da kalmar ta ce amma ban da sanyin hunturu. Wasa ne mai kyau daga bakin wadda ta taso inda ba a san leɓe na tsagewa a watan Janairu ba. A fassarar farko ya zama "ba zan rasa sanyin hunturu ba", wanda a Hausa ke nufin duk inda ta je za ta same shi. Ma'anar ta juye gaba ɗaya, dariyar kuma ta mutu. Da an sa kewa, wasan yana tashi da kansa: "Sanyin hunturu ne dai ba zan yi kewarsa ba, na bar muku abinku!" Wannan 'yar jela ta ƙarshe ba ta cikin Turancin, amma alamar motsin rai da ta sa a ƙarshen jimlar tana ciki, kuma mai karantawa a taro ba zai iya furta alama ba. Sai an ba shi kalmomin da za su ɗauki murmushin.

Wannan batu na inuwar mutuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne haɗarin da ya keɓanta da saƙon rabuwa. Kalmominmu na rabuwar tafiya da na rabuwar kabari maƙwabtan juna ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ita kanta "bankwana" idan aka ce mutum ya yi bankwana da duniya an san abin da ake nufi. Inda abin ya fi faruwa shi ne saƙon da ma'aikata ke rubuta wa wanda ya yi ritaya. Turancin yakan ce ya ji daɗin hutun da ya cancanta, za a daɗe ana tunawa da shi, ya bar gurbin da zai yi wuyar cikewa. Mai fassara da zuciya ɗaya sai ya rubuta, "Allah ya sa ka huta, ba za mu manta da kai ba, mun yi babban rashi." Mutumin yana zaune da sabuwar hularsa, ana karanta masa ta'aziyyarsa. "Allah ya sa ya huta" addu'ar mamaci ce, ba a yi wa mai rai. Abin da ake cewa shi ne: Allah ya sa albarka a wannan hutu, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa a ci moriyar abin da aka shuka. Kalmar "sallama" ita ma tana da nata rami. Yin sallama da mutum daban, sallamar mutum daban. A wurin aiki idan aka ce an sallami wane, kora ake nufi. Don haka a katin gayyata a rubuta "walimar bankwana" ko "taron karramawa". Kada a rubuta "bikin sallamar wane", sai jama'a su zo suna tambayar laifin da ya yi.

Mu koma kan ɗalibai. "Kun tuƙa ni zuwa hauka" karin maganar Turanci ne mai sauƙi, irin wanda uwa ke faɗa wa 'ya'yanta tana dariya. Hauka a Hausa ba abin wasa ba ne a gaban iyaye. "Kun wahalar da ni" kuma ƙorafi ne, shugaban makaranta zai fara harare-harare yana neman masu laifi. "Kun gasa mini aya a hannu" ta yi tsanani, wannan sai mugu. Abin da ake nema shi ne kalmar da ke ɗauke da gajiya da so a lokaci guda, kuma muna da ita: ƙiriniya. Yaro mai ƙiriniya ana yi masa faɗa, ana kuma son sa. "Ƙiriniyarku ta sha sa ni surutu" ita ce maganar da za ta sa yaran su sunkuyar da kai suna dariya, iyayensu ma su yi dariya. Rabin jimlar na biyu, wanda ya ce ba za ta canza su da duniya ba, sai a ce, "amma da za a sake ba ni zaɓi, ku ɗin dai zan ɗauka."

Ƙarshen takardar jimloli uku ne gajeru, kuma duka ukun sun faɗi a fassarar farko. Zama cikin taɓawa ba shi da ma'ana a Hausa, in ma yana da ita ba mai kyau ba ce. Abin da take roƙo shi ne zumunci: "kada zumunci ya yanke, a riƙa jin juna." Ɗaukar kula kuwa, yanzu an saba jin "ku kula da kanku" a rediyo da finafinai, matasa ma suna faɗa wa juna, kuma a saƙon waya tsakanin tsara ba laifi. Amma yarinya ta dubi dattawa ta ce su kula da kansu, akwai ɗan ƙaiƙayi a ciki, kamar tana yi musu gargaɗi. Inda Bature ke damƙa wa mutum tsaron kansa, Bahaushe Allah yake damƙa wa: "Allah ya tsare", "Allah ya kiyaye". Sai sa hannu. "Da soyayya" a Hausa ta saurayi da budurwa ce, ko miji da mata. Turawa suna rufe wasiƙa da wannan kalma ga kaka, ga aboki, ga maƙwabci. "Taku har kullum" ta isar, kuma ita ce rufewar da masu rubuta wasiƙa da Hausa suka daɗe da sabawa da ita.

Wani zai ce, to, ai kun cika wa yarinyar baki da sunan Allah, alhali a takardarta ba ta ambace shi ko sau ɗaya ba. Wannan ba ƙari ba ne? Tambaya ce mai kyau, kuma mai fassara na gari dole ya yi wa kansa ita. Amsata ita ce, fatan alheri a Hausa da addu'a ake gina shi, har ya zama ƙashin bayan jimlar. Ba mu da wata hanya ta yau da kullum ta yi wa mutum fatan sa'a da ta wuce "Allah ya ba da sa'a". Kuma wannan bai tsaya ga Musulmi ba. Kiristocin da ke magana da Hausa, daga Jos zuwa kudancin Kaduna, "Allah ya kiyaye" suke cewa, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, da sunan Allah yake amfani. Shi kansa Turancin ya bi ta wannan hanya: kalmar "gudbai" guntuwar wata tsohuwar addu'a ce mai nufin Allah ya kasance tare da kai, ta lotse a bakin mutane har suka manta asalinta. Don haka idan malamar nan Kirista ce, "Allah ya saka da alheri" ba ta sa mata rigar da ba tata ba.

Amma akwai iyaka. Kada a buɗe mata takarda da bisimilla da salati, kada a sa mata aya ko hadisi, domin wannan ya zama an canza mata addini a bakin wani. Idan kuma an san marubucin mutum ne da ya guje wa ambaton addini da gangan, Hausa ba ta rasa mafita ba: "ina yi muku fatan alheri", "a sauka lafiya", "mu kwana lafiya", "sai mun sake haɗuwa". Sun ɗan fi sanyi, amma nasa ne.

Akwai kuma abu ɗaya da takardar ba ta da shi sam, wanda duk Bahaushen da ke wurin zai saurari zuwansa: neman yafiya. Mu ba ma rabuwa bayan dogon zama sai an ce, "wanda na saɓa wa, da sani ko ba da sani ba, ya yafe ni." Dalilin a fili yake, zo mu zauna zo mu saɓa, kuma ba wanda ya san ko za a sake ganawa. A al'adar wasiƙar Turanci wannan ba ya cikin tsari; wanda ya nemi gafara a takardar barin aiki ma sai a ɗauka akwai wani laifi da yake nufi. To, mai fassara ya ƙara ko ya bari? A ganina wannan ya bambanta da addu'ar da muka yi magana a kai. Addu'a hanya ce ta faɗin abin da malamar ta riga ta faɗa. Neman yafiya kuwa sabon aiki ne da ba ta yi ba, kuma ba daidai ba ne a nemi gafara da sunan mutum bai sani ba. Hanya mai tsabta ita ce a same ta a gaya mata: mutanen nan haka suke rabuwa, kina so a sa? Mafi yawa za su yi murna, su ce a sa. Idan babu halin tambaya, a bar shi. Mai gabatarwa yana iya faɗa da bakinsa bayan ya gama karantawa, a san maganarsa ce.

Duk abin da na faɗa zuwa nan yana tura mai fassara wajen Hausa. Yanzu sai in ja shi baya kaɗan, domin akwai rami a wancan gefen ma, kuma gwanayen Hausa ne suka fi faɗawa ciki. Mutum ya ji daɗin harshensa, sai ya ɗauki takardar 'yar shekara ashirin da 'yan kai ya cika ta da karin magana, sabo turken wawa a nan, sabo ake yi wa kuka a can, ya jero addu'o'i goma, ya ƙara kirari ga shugaban makaranta. Hausar ta yi kyau, amma yarinyar ta ɓace, wani dattijo ne ya tsaya a wurinta. Ɗalibanta da suka shekara suna jin muryarta za su san ba ita ba ce. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937, ya ɗauko labarai daga Gabas da Turai ya mai da su 'yan gida har ba a gane baƙi ne, kuma ya kyauta, domin labari ba shi da mai shi a zaune a wurin. Takardar bankwana kuwa mai ita tana nan a kan kujera, tana kallon fuskokin mutane. Idan gajerun jimloli ta yi, a bar su gajeru. Idan ba ta yi karin magana ba, kada a sa mata fiye da abin da harshen ya tilasta. Fassara kamar miya ce da aka ɗauko daga wani gida: aikinka ka ɗumama ta, ba ka sake mata kayan yaji ba.

Saura kalmar rabuwar kanta. Hausa ba ta cika rufe ƙofa ba; kusan duk sallamarmu da "sai" take farawa, tana nuna lokacin da za a sake haɗuwa: sai an jima, sai gobe, sai ka dawo, sai mun zo. Zaɓin ya danganta da nisan tafiyar. Ga wanda aka yi wa canjin ofis a cikin gari, "sai mun leƙo" ta isa. Ga mai komawa Inugu ko Kalaba, wadda wataƙila ba za a ƙara ganinta ba, "sai wata rana" ce ta dace, domin tana ɗauke da sanin cewa ranar ba ta da suna. Idan aka haɗa ta da "Allah ya sada mu da alheri", an faɗi duk abin da ake bukata.

Ga takardar bayan an bi ta haka, tare da layin yafiya da mai ita ta amince a sa:

"Shugaban makaranta, iyayena da ke wurin nan, malamai abokan aikina, da ku 'yan makaranta, ina gaishe ku baki ɗaya.

Yau jikina a sanyaye yake. Kamar jiya na zo, ga shi har shekara ta zagayo. Ranar da na sauka garin nan ban san kowa ba, amma kuka karɓe ni hannu bibbiyu, kuka mai da ni 'yar gida. Ba ni da bakin da zan gode muku, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma 'yan ajina, ƙiriniyarku ta sha sa ni surutu, amma da za a sake ba ni zaɓi, ku ɗin dai zan ɗauka. Zan yi kewarku, ku duka. Sanyin hunturu ne dai ba zan yi kewarsa ba, na bar muku abinku!

Wanda na saɓa wa, da sani ko ba da sani ba, don Allah ya yafe ni. Kada zumunci ya yanke, a riƙa jin juna. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri. Sai wata rana.

Taku har kullum."

A lura da abin da bai canza ba. Jerin tunaninta yana nan yadda ta tsara shi, daga baƙin ciki zuwa godiya, zuwa tsokana, zuwa roƙo. Wurin da ta so a yi dariya yana nan. Ba a ƙara mata yabon kowa ba, ba a kuma ƙirƙiro mata wani abin tunawa da ba ta ambata ba.

Ta yaya mutum zai san ya dace kafin ranar taro? Idonsa ba zai gaya masa ba, domin shi ya riga ya ga Turancin, kuma duk jimlar da ya karanta Turancin zai riƙa cike masa giɓinta. Sai ya nemi wanda bai ga asalin ba, wanda ma bai yi boko ba in da hali, mahaifiyarsa ko maigadin makarantar, ya karanta masa da murya. Kada ya tambaye shi ko ta yi daɗi, don kunya za ta sa ya ce ta yi. Ya tambaye shi: wa kake jin ya rubuta wannan, babba ko yaro, mace ko namiji, cikin fushi ko cikin kewa? Idan ya ce wata yarinya ce mai kirki da ba ta son tafiya, aiki ya yi. Idan ya ce "wa ya rasu?" ko ya tsaya yana tambayar me ake nufi da wani wuri, a koma kan wannan wurin.

Saboda haka, mai karatu, ranar da aka miƙo maka irin wannan takarda, kada ka karɓa a bakin taro ka ce za ka juya ta nan take. Ka roƙi a ba ka ita tun jajibiri, ka tambayi wa ya rubuta da wa za a karanta wa, ka zauna da mai ita ko na minti goma ne kafin ka sa biro.